Idan Kwamfutar Gem Ta Fara Haki

Alamar cutar ba ta ɓuya. Mutum zai kunna laftof ɗinsa, ya buɗe wasa, komai ya tafi sumul na kamar minti goma. Daga nan sai fanka ta fara kuka kamar za ta tashi sama, saman madannai ya ɗau zafi har yatsa ya ƙi zama, hoton wasan ya fara tsinkewa yana ja da baya. Idan aka kashe ta, ta huce, aka sake kunnawa, sai ta dawo garau na ɗan lokaci kafin ta koma gidan jiya. Masu irin wannan na'ura da yawa kan yanke cewa tsufa ne ya kama ta, wasu su sake zuba mata Windows, wasu su ƙaro mata RAM, wasu kuma su karyar da ita a kasuwa. Alhali a mafi yawan lokuta ƙarfinta na nan yadda yake. Ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, saboda hanyar da zafi ke bi ya fita ta toshe.

Mu ɗauki na'ura guda wadda ta cika hannun matasa a kasuwar kwamfutocin da aka yi amfani da su, irin waɗanda ake samu a shagunan titin Beirut a Kano: laftof ɗin gem ta 2018 mai furosesa Intel Core i7-8750H da girafik GTX 1060. Kamfanoni da dama sun fitar da irin wannan haɗin a shekarar. Furosesar tana da sassa shida masu aiki tare, gudunta na tushe gigahaz 2.2 ne, kuma tana iya haurawa har 4.1 idan ta samu sanyi da isasshiyar wuta. An tsara ta a kan wat 45, girafik ɗin kuma na cin kusan wat 80. Duk wutar da suka ci zafi take komawa, kuma wannan zafi na fitowa ne daga 'yan ƙwayoyin silikon biyu da kowannensu bai fi faɗin farcen babban yatsa ba. Iyakar da Intel ta sa wa furosesar digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyas, wasu masu ƙera laftof ma kan rage iyakar da 'yan digirori. Da zarar ta taɓa wurin, sai ta sauke gudunta har sai zafin ya ja baya. Tsinkewar da mai wasa ke gani ke nan.

Zafin yana da hanya guda da yake bi. Daga ƙwayar silikon yana ratsa wani siririn mai da masu gyara ke kira tamal fes, ya shiga farantin jan ƙarfe da aka matse a kanta. Daga farantin ya shiga bututun jan ƙarfe da aka rufe ruf, wanda ke da ɗan ruwa kaɗan a ciki. Ruwan ya zama tururi a gefen zafi, ya ruga ɗaya ƙarshen, ya huce ya koma ruwa, ya dawo. A can ƙarshen akwai ƙaramin lagireto, jerin siraran faifan ƙarfe a manne kusa da juna, fanka na hura musu iska tana fitar da zafin waje. A cikin wannan hanya, wurare biyu ne shekaru ke lalatawa: man da ke farko, da lagireton da ke ƙarshe. Duk aikin da za a yi bai wuce waɗannan biyun ba.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a auna. Wannan ne matakin da na fi ganin ana tsallakewa, kuma shi ne ke raba gyara da lalube. Akwai manhaja ta kyauta mai suna HWiNFO64. A buɗe ta a zaɓi `Sensors-only`, za ta jero zafin kowane sashe na furosesa, da gudunsa, da wutar da yake ci. A sa caja, a ɗora laftof ɗin a kan tebur, a kunna wasan da ke ba da matsala ko gwajin Cinebench R23 na minti goma, sannan a dawo a duba layin `Maximum`. Abu uku ake nema. Na farko, ko layin `Core Thermal Throttling` ya koma `Yes`. Na biyu, zuwa ina gudun ya faɗi. Na uku, wanda mutane ba su cika kula da shi ba, tazarar da ke tsakanin sashen da ya fi zafi da wanda ya fi sanyi.

A ce mun yi gwajin, sashe mafi zafi ya nuna 99, mafi sanyi ya nuna 83, gudu ya sauko daga 3.9 zuwa wajen 2.4, layin kuma ya ce `Yes`. An kama ɓarawo da kaya a hannu. Zafi ne ke ɗaure mata ƙafa, kuma tazarar digiri 16 tsakanin sassan da ke zaune a kan ƙwaya guda na nuna cewa wani gefen ƙwayar ba ya taɓa farantin yadda ya kamata, wato man ya bushe ko ya zurare daga wurin. Da a ce duk sassan sun tashi tare, tazararsu ba ta wuce digiri biyar ko shida ba, da zargi ya fi karkata ga ƙura.

Amma sakamakon na iya fitowa daban. Idan zafi ya tsaya a 80 da 'yan kai, gudu ya sauko zuwa wajen gigahaz 3, kuma layin da ya ce `Yes` shi ne `Power Limit Exceeded`, to na'urar lafiya lau take. Ta kai iyakar wat 45 da aka ƙayyade mata ne, kuma ko an canja mai sau goma ba za a ga bambanci ba. Idan kuma gudun ya maƙale a wajen megahaz 800 alhali na'urar ba ta yi zafi ba, a fara duba caja da batir. Irin waɗannan na'urori caja mai wat 150 zuwa 180 suke so, kuma ba sabon abu ba ne a sayar wa mutum laftof ɗin gem da ƙaramar cajar da ba tata ba, don kawai bakin ya shiga. A kifar da cajar a karanta abin da aka rubuta a jikinta kafin a ɗora wa mai laifin da ba nasa ba.

Idan awo ya tabbatar zafi ne, sai a tanadi kayan aiki. Ba su da yawa: ƙaramin sukundireba mai bakin kuros, tsohon katin roba irin na banki don ɓamɓare murfi, buroshi mai laushi, abin hura iska na hannu, ƙyalle marar gashi, sifirit na isofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko sama da haka, da sirinjin sabon mai. A nemi hoton bidiyon yadda ake buɗe ainihin samfurin da ke hannu, a kalla har ƙarshe. A mafi yawan laftof, da an cire murfin ƙasa za a ga fankoki da bututun jan ƙarfe a fili. Amma akwai waɗanda aka kifar da allon na'urarsu, kamar MSI GS65, inda sai an ciro allon gaba ɗaya kafin a kai ga mai. Wanda bai taɓa buɗe kwamfuta ba, idan tasa irin wannan ce, ya kai wa mai gyara ya tsaya a kansa, ya fi masa.

A kashe na'urar gaba ɗaya, a zare caja, a kwance notunan murfi a jera su a kan takarda yadda suke a jikinta, domin tsawonsu kan bambanta, kuma dogon noti a gajeren rami na iya huda abin da ke ƙarƙashinsa. Da murfi ya buɗe, abu na farko shi ne a zare wayar batir daga allo, a riƙa jan kan robar ba wayoyin ba, sannan a danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita. Noti guda da ya suɓuce ya faɗa kan allo mai wuta ya isa ya kashe na'urar. Idan an tarar batir ya kumbura, kada a danna shi, kada a huda shi, canji yake so. A lokacin hunturu kuma akwai ƙarin hatsari, saboda busasshiyar iska na sa jiki ya tara irin wutar nan da ke ɗan tartsatsi idan mutum ya cire rigar sanyi. A taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin a sa hannu a allo, kuma kada a yi aikin a kan kafet ko katifa. A ɗauki hoton cikin da waya kafin a taɓa komai.

Yanzu ga ƙura. Wanda ya leƙa ta ramukan murfi, ko ma ya buɗe ya kalli fanka, zai iya cewa ai na'urar ba ta da datti. Dattin ba a nan yake ba. Yana maƙale ne a ɗan tsukin da ke tsakanin bakin fanka da haƙoran lagireto, wurin da ido ba ya gani sai an ciro fankar. A zare wayarta, a kwance notuna biyu ko uku da ke riƙe da ita, a ɗaga ta. A na'urar da ta shekara biyar ba a buɗe ba, abin da za a tarar shi ne wata doguwar tsumma mai launin toka, gashin bargo da zaren tufafi da ƙura sun saƙu sun dunƙule, har ana iya kama gefenta da yatsa biyu a ɗago ta gaba ɗaya kamar bawon rake. Bayanta kuma haƙoran ƙarfen na nan fes. Fankar duk tsawon wannan lokaci bango take hurawa, shi ya sa take ihu amma idan aka kara hannu a bayan laftof ɗin ba a jin iska sai ɗan ɗumi.

A ƙasashenmu wannan tsummar ta fi saurin saƙuwa. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana da laushi ƙwarai, tana ratsa labule da raga, kuma laftof ɗin gem da ke aiki ba ta daina zuƙar iska daga ƙasanta. Sai kuma bazara ta biyo baya da zafin da ke haura digiri 40. Na'urar da ta cika da ƙurar Janairu ita ce za ta fuskanci zafin Afrilu, kuma kusan duk digirin da ɗaki ya ƙaru, furosesa ma ƙaruwa take da shi.

Bayan an cire tsummar, a share haƙoran da buroshi, a hura iska daga waje zuwa ciki da kuma daga ciki zuwa waje, har sai an ɗaga su sama an ga haske na ratsa kowane tsaki. Fuka-fukan fanka ma a share su ɗaya bayan ɗaya. Idan za a hura wa fanka iska, a danne ta da yatsa kada ta juya. Na sha ganin ana tunkarar fanka da babbar bulawa tana juyawa tana fito, ana jin daɗi wai tana wankuwa, alhali gudun da ya wuce ƙa'ida na cinye boris ɗinta, kuma bayan 'yan makonni sai ta fara gurnani. A juya ta da yatsa a saurara. Idan tana karkarwa ko tana tsayawa nan take, share ta ba zai wadatar ba, sai an sake wata.

Shawarata ita ce, idan mutum yana da haƙuri, ya tsaya a nan, ya mayar da komai ya sake gwaji. Sau da yawa sharar ƙura kaɗai ta isa ta fitar da na'urar daga kangi, kuma ba ta da hatsarin da canja mai ke da shi. Amma a misalinmu tazarar digiri 16 ɗin nan ba za ta tafi da shara ba, don haka sai an shiga mataki na biyu.

A jikin farantan jan ƙarfe akwai notuna da aka rubuta wa lambobi a gefe, 1, 2, 3, zuwa sama. A kwance su daga lamba mafi girma zuwa ƙarama, kowanne kaɗan-kaɗan, ana zagayawa. Dalili shi ne furosesar laftof ba ta da murfin ƙarfen da ta tebur ke da shi. Silikon ne tsirara, mai sheƙi kamar madubi, kuma idan matsi ya taru a kusurwa guda yana iya ɓantarewa. Idan notuna sun saki amma farantin ya ƙi ɗagowa, tsohon man ne ya riƙe shi. A ɗan murɗa shi hagu da dama a hankali har ya saki. Kada a sa sukundireba a banƙare, kada kuma a ja ta tsakiyar bututu, domin bututun da ya lanƙwashe ko ya lotsa ya rasa ƙarfinsa.

Tsohon man yana ba da labarin abin da ya faru. Wani za a same shi ya bushe ya tsattsage, yana farfashewa kamar busasshen laka. Wani kuma za a ga tsakiyar ƙwayar kusan babu komai, man ya taru a gefe ya yi ganuwa. Wannan na biyun yana faruwa ne saboda silikon da jan ƙarfe ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ji zafi. Kullum aka kunna aka kashe, sai su ɗan motsa, su riƙa tura man waje kaɗan-kaɗan. A jiƙa ƙyalle da sifirit a goge ƙwayoyin biyu da farantansu har sai sun yi ƙyalli, a bar su su bushe. A kusa da ƙwayar girafik akwai wasu ƙananan abubuwa a jere kamar ƙwayar gero, kada a kankare su da farce ko ƙarfe. Fetur da wasu ke wanke allo da shi ba na wannan wurin ba ne, yana barin maiƙo kuma yana cin roba.

Game da man kansa, akwai abin da ya kamata a fahimta domin shi ke hana kuskuren da aka fi yi. Jan ƙarfe na tafiyar da zafi da ƙarfin kusan 400 a ma'aunin da ake auna wannan. Man kirki bai cika wuce 10 ba. Iska kuwa ba ta kai 0.03 ba. Ma'ana, man ya fi iska nesa ba kusa ba, amma jan ƙarfe ya ninka shi sau da yawa. Aikinsa kawai ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin fuskokin biyu, ya kori iskar da ke cikinsu. Don haka siririn shafi ake so, amma wanda ya rufe ƙwayar gaba ɗaya har kusurwoyinta, tunda duk inda aka bari babu mai a kan silikon tsirara wurin zai ɗau zafi shi kaɗai. A ɗiga kamar ƙwayar shinkafa a kan furosesa, a ɗan ƙara a kan girafik saboda ta fi faɗi, a baza da gefen katin roba har silikon ya daina hangowa. Ɗan abin da ya tsiyayo gefe ba ya cutarwa, muddin man ba ya ɗaukar wuta.

Irin su Arctic MX-4 da MX-6 da Noctua NT-H2 ba sa ɗaukar wutar lantarki, kuma sun wadatar. Ga laftof, mai kauri ya fi mai ruwa-ruwa daɗewa, saboda turawar da na ambata. Akwai kuma Honeywell PTM7950, wanda ke zuwa kamar siririyar takarda ana yanka daidai ƙwayar, yana narkewa a wajen digiri 45 ya kuma daskare idan ya huce, shi ya sa ba ya saurin zurarewa. Jabu ya yi yawa a dukkansu, don haka wanda aka ce kuɗinsa bai kai na katin waya ba, a bar shi. Ruwan ƙarfen nan mai sinadarin galiyam da ake yabo, ba na ba sabon shiga shawarar ya kusance shi: yana ɗaukar wuta, yana cin alminiyam, kuma ɗigo guda da ya gangara kan allo a jakar baya ya isa ya rufe babin na'urar.

Saura abu ɗaya da ke jefa mutane da yawa a rami. A kewayen ƙwayoyin biyu akwai wasu 'yan katifu masu laushi, masu launin toka ko shuɗi ko ruwan hoda, da ke zaune a kan ma'adanar girafik da kuma sassan da ke rarraba wuta. Ana kiransu tamal fad. Kowanne da kaurinsa, rabin milimita, milimita ɗaya, ɗaya da rabi. Idan suna da laushi kuma ba su yage ba, a bar su inda suke. Idan ya zama dole a canja, a sa mai kauri daidai da na da. Wanda ya fi kauri zai ɗage farantin daga kan ƙwayar, sai a rufe na'ura a kunna a ga ta fi da zafi, a rasa dalili. Wanda bai kai ba kuma ba zai taɓa ƙarfen ba, sassan wutar su riƙa gasuwa har na'urar ta fara mutuwa da kanta a tsakiyar wasa. Wasu kamfanonin wani abu mai kama da cingam suke sawa a maimakon katifun, kuma shi da irinsa ake maye gurbinsa, ba da man furosesa ba.

A sauke farantin a tsaye, sau ɗaya. Idan aka ɗaga shi don a leƙa, iska ta shiga, sai a goge a sake shafawa. A ɗaura notuna daga lamba 1 zuwa sama, kowanne rabin juyi, ana zagayawa har su tsaya da kansu, ba tare da an matse da ƙarfin tsiya ba. A mayar da wayoyin fanka, a duba su sau biyu da hoton da aka ɗauka, sannan batir a ƙarshe. Wasu na'urorin kan ɗan jima allo na baƙi a kunnawar farko bayan an cire musu batir, a ba su minti ɗaya ko biyu.

Sai a maimaita gwajin farko, a wuri guda, a lokacin da zafin ɗaki ya yi kusa da na da, domin gwajin tsakar rana da na bayan isha'i ba sa kwatantuwa. A misalinmu, aikin da ya yi kyau zai nuna `Core Thermal Throttling` ya tsaya a `No`, tazarar sassan ta dawo ƙasa da digiri goma, gudu kuma ya daina faɗuwa warwas. Kada a sa ran ganin 60. Laftof ɗin gem mai wannan furosesa, tana cikin aiki sosai a ɗakin da ba na'urar sanyaya wuri, za ta zauna a 80 da wani abu, kuma hakan daidai ne a gare ta.

Idan an yi duk wannan amma zafi na harbawa zuwa 100 cikin 'yan daƙiƙu da fara gwaji, a fara zargin zaman farantin, a sake buɗewa a duba shaidar da man ya bari, ko ya matsu ko'ina daidai. Idan zaman ya yi, a kara hannu a mafitar iska na'urar na aiki. Iska mai ƙarfi amma mai sanyi, alhali furosesa na tafasa, alama ce ta cewa bututun jan ƙarfen ya mutu, ruwan cikinsa ya tsere, zafi ba ya kaiwa ga lagireto. Ba a cika shi, ba a liƙe shi. Sai a nemo wani na ainihin samfurin, galibi daga matacciyar na'ura irinta a wurin masu gyara, kuma a je da tsohon a hannu a gwada ramukan notuna da kwanciyar bututun kafin a biya kuɗi.